Kafin a kai laftof shago: karanta lambobinta tukuna

Makon jiya wata 'yar ajinmu ta shigo da laftof ɗin da ta gada wajen yayanta, HP EliteBook 840 G3, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai. Windows 10 ce a kai, ita kuma Windows 11 take so, domin ta ji an ce kamfanin Microsoft ya daina yi wa tsohuwar gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025. Gaskiya ta ji. Har ta ware kuɗin da za ta ba mai shago, muka ce ta dakata mu duba tukuna, kada a goge mata aikin kammala karatu a kan abin da na'urar ba za ta ɗauka ba.

Binciken bai ci mana minti goma ba, kuma ba mu kwance ko noti ɗaya ba. Mun danna maɓallin Windows tare da R, muka rubuta wannan a akwatin da ya fito:

```
msinfo32
```

Shafin da ya buɗe yana da layuka da yawa, amma kaɗan ne suka dame mu. Muka fara da ram, wato wurin da kwamfuta ke baje ayyukan da take yi a yanzu, kamar teburin karatu. A layin Installed Physical Memory (RAM) mun ga giga 4. Windows 11 giga 4 ta gindaya, kenan an haye, amma da ƙyar. Wannan adadi shi ne mafi ƙarancin da manhajar za ta yarda ta zauna a kai, kuma ita kanta za ta cinye kaso mai tsoka kafin ka buɗe komai. Ka buɗe shafuka bakwai ko takwas na intanet, ka haɗa da takardar da kake rubutawa, sai teburin ya cika, kwamfutar ta koma kwashe kaya tana kai wa ma'ajiya tana dawo da su. Nauyin nan da muke cewa kwamfuta ta tsaya tana tunani, yawanci daga nan yake. Abin daɗin shi ne ram tana ƙaruwa. Mun danna Ctrl, Shift da Esc tare, muka shiga Performance, sannan Memory, muka ga an rubuta Slots used: 1 of 2. Akwai gurbi ɗaya a buɗe, ana iya sa wata giga 4 ta zama 8.

Ma'ajiya ba ta ba mu wahala ba. Ana neman giga 64, tata kuwa 500 ce. Ta ɗan tsorata da ta ga 465 a allo, ta ce ko an cuci yayanta. Ba a cuce shi ba: masu ƙera ma'ajiya da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024, shi ya sa lambar ke raguwa. Abin lura a nan shi ne nau'in. A ƙarƙashin Disk an rubuta HDD, wato mai faifai da ke juyawa a ciki. Tana aiki, sai dai tafiyar hawainiya idan aka gwada ta da SSD. Masu ƙananan laftof ɗin nan marasa nauyi da suka zo da giga 32 kacal kuwa, tun daga nan tafiyarsu ta ƙare.

A kan furosesa ne magana ta tsaya. Ga abin da layin Processor ya nuna:

```
Intel(R) Core(TM) i5-6300U CPU @ 2.40GHz
```

Idan da gudu kaɗai ake dubawa, ta ci jarrabawa. Ana neman gigahaz 1, tana da 2.4. Ana neman cibiyoyin aiki biyu, tana da biyu. A layin System Type kuma an rubuta x64-based PC, kenan mai bit 64 ce, kamar yadda aka buƙata. Har 'yar ajinmu ta fara murna, tana nuna mana sitikar Core i5 da ke manne kusa da madannai.

To, sitikar nan ita ce ta fi yaudarar mu ɗalibai a kasuwa. Kalmar i5 matsayi kawai take faɗa a cikin 'yan gida ɗaya, ba ta faɗin shekaru. Shekarun suna cikin lambar da ke bin karan tsakiya. A 6300U, lambar farko 6 ce, wato zubi na shida, wanda ya fito a 2015. Microsoft kuwa tana da jerin furosesocin da ta amince da su, kuma a ɓangaren Intel, in ban da 'yan ƙalilan, daga zubi na takwas aka fara, wanda ya soma shiga kasuwa a 2017. Don haka i7-4600U, duk da girman sunanta, a waje take, ita kuwa i3-8130U da ake rainawa tana ciki. A kula da zubi na goma zuwa sama, domin a can lambobi biyun farko ake karantawa: i5-10210U da i5-1035G1 duk na goma ne, kada wani ya ɗauka na ɗaya ne. Kuma furosesar irin wannan laftof a like take da allon na'ura, ba a cire ta a sa wata kamar ram.

Akwai wani sharaɗin da bai shiga cikin ukun nan ba, wato guntun tsaro mai suna TPM, wanda dole ya zama 2.0. Ana ganinsa idan aka rubuta tpm.msc a wancan akwati. Wani lokaci yana nan, a kashe kawai yake a saitin BIOS. A wajenmu dai ko yana nan ko babu, furosesa ta riga ta yanke hukunci.

Mun san abin da wasunku za su ce: ai a shago ana ɗora wa kowace irin kwamfuta. Ƙwarai, akwai dabarar tsallake binciken, kuma Windows 11 za ta tashi ta yi aiki. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin aika wa irin wannan na'ura gyare-gyare ba. Ita kuma 'yar ajinmu gudun rashin gyaran tsaro ne ya sa take son sauyin tun farko. A ganinmu, ta biya kuɗi ta koma inda ba tabbas, an gudu ne ba a tsira ba.

Sai muka juya tambayar: wace manhaja ce wannan na'ura za ta ɗauka ba tare da dabara ba? Linux Mint ta nemi ram giga 2, ta ce 4 ta fi, da ma'ajiya giga 20, da furosesa mai bit 64, ba ruwanta da zubi. Kyauta ce, kuma ana iya gwada ta daga filas ba a taɓa komai a cikin kwamfutar ba. Haka muka yi. Wayafai ya kama, sauti ya fito, kyamara ta buɗe. Amma ba za mu ɓoye muku ba, Microsoft Word ba ta hawa kanta kai tsaye. LibreOffice ce a madadinta, kuma da muka buɗe babi na biyu na aikinta, jadawali biyu sun ɗan goce daga wurinsu. Wanda sashensa ya wajabta masa wata manhaja da sai a Windows take aiki, ya tambaya kafin ya goge komai.

Ta yanke shawarar ta kwafe aikinta a filas biyu, ta bar kwamfutar yadda take har ta miƙa wa malaminta babi na ƙarshe. Kuɗin mai shago kuma ta ce ram za ta saya da su, domin kowace manhaja ta zaɓa daga baya, giga 8 za ta yi mata amfani.