Ra'ayinmu: Nawa Malami Yake Biya Don Inshorar Lafiya?

Duk ƙarshen wata malami kan ga layi guda a takardar albashinsa inda aka rubuta abin da aka cire masa na inshorar lafiya, ko taimakekeniyar lafiya kamar yadda wasu jihohi ke kiranta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa wannan adadi shi ne iyakar abin da tsarin yake ci a aljihunmu. Ba haka abin yake ba, kuma muddin ba mu iya lissafa sauran ba, za mu riƙa zama teburin sasantawa da gwamnati muna ja-in-ja a kan mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin.

Mu fara da abin da ake cirewa ɗin. A ƙa'idar tsarin tarayya, wanda ya fara aiki a 2005 kuma dokar 2022 ta mayar da shi wajibi ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ma'aikaci yana ba da kashi 5 cikin ɗari na tsagwaron albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10. Inda ake lissafi da dunƙulallen albashi kuwa, ma'aikaci kashi 1.75 ne, gwamnati kashi 3.25. Malaman firamare da na sakandare mafi yawansu ba sa ƙarƙashin wannan, suna ƙarƙashin hukumomin jihohinsu ne, kowace da nata kason. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ba "kashi nawa" ba ce, "kashi nawa na me" ce.

Ga misali. Mu ɗauki malama mai jimillar albashi naira 100,000, wanda 45,000 daga ciki ne tsagwaro, saura alawus-alawus. Kashi 5 na tsagwaro naira 2,250 ne. Amma idan jiharta ta ce kashi 4 kawai take cira, sai dai daga jimilla, to naira 4,000 ke nan. Huɗu ta fi biyar tsada, kusan ninki biyu. Wakilin da ya dawo daga taro yana murnar an rage kaso, a tambaye shi daga ina ake cirewa kafin a tafa masa.

Na biyu shi ne kason da ake biya a ɗakin magani. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce mai inshora ya biya kashi 10 na kuɗin maganin da likita ya rubuta. A takarda wannan sauƙi ne babba. Mu ce maigidan malamar nan yana da hawan jini da ciwon suga, maganinsa na wata yana kai wa naira 15,000. Idan asibiti ya ba shi maganin, 1,500 za su biya. A shekara, cirar albashi 48,000 da kason magani 18,000 sun kama 66,000, wato kashi 5.5 na albashinta na shekara, naira 1,200,000. Da babu inshora da sun kashe 180,000, kashi 15. A wannan yanayi babu mai hankalin da zai ce tsarin bai biya ba.

To amma membobinmu sun san jumlar da ake yawan ji ta tagar ɗakin magani: babu shi, sai dai ku saya a waje. Ranar da aka faɗi haka, kashi 10 ya koma kashi 100, alhali cirar albashi ba ta tsaya ba. Mu ce hakan ya faru wata shida cikin sha biyu. Wata shidan da aka samu magani sun biya 9,000, sauran shidan sun kai wa kemis 90,000. A haɗa da 48,000, an tashi da 147,000, sama da kashi 12 na albashi. Ribar inshorar ta faɗo daga 114,000 zuwa 33,000. Kuma a lura, da jimillar albashi muka auna. Abin da ke shiga asusun malamar bayan fansho da haraji da kuɗin ƙungiya da bashin adashi bai kai haka ba, saboda haka nauyin da take ji a tukunya ya wuce abin da alƙalami ya nuna.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan ma'aikatan asibiti. Asibitin farko da mutum ya zaɓa ana biyansa ƙayyadadden kuɗi ne duk wata a kan kowane kai da aka yi wa rajista, ya yi ciwo ko bai yi ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya shafe sama da shekara goma yana naira 750 kafin a ƙara shi, farashin magani kuwa bai jira kowa ba. Iyali mai mutum shida yana kawo wa asibiti 4,500 a wancan lissafi, mutum ɗaya cikinsu yana buƙatar maganin 15,000. Sai masu lafiya sun yi yawa, kuɗin kuma ya iso a kan lokaci, sannan lissafin zai fita. Idan ya makara, ko gwamnati ba ta zuba nata kason ba, kantar magani ce take fara nunawa.

Akwai kuma abin da kamfanonin inshora masu zaman kansu a wasu ƙasashe suke yi, inda mutum zai fara biyan wani adadi daga aljihunsa kafin inshora ta sa hannu. Tsarinmu na gwamnati bai cika amfani da wannan ba, amma yana da danginsa. A ƙa'idojin tarayya da aka daɗe ana aiki da su, manyan hotuna irin su siti-sikan rabi ake biya wa mutum, kwanakin kwanciya a asibiti suna da iyaka a shekara, wasu jinyoyin kuma an cire su ɗungurungum. Hoton naira 60,000 yana nufin malamar ta nemo 30,000 rana guda, kusan sulusin albashinta.

Sannan ga batun iyali. Inshorar ma'aikaci ta ƙunshi shi kansa, da abokin zama ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Gida nawa ne a reshen nan ya tsaya a haka? Mata ta biyu, ɗa na biyar, tsohuwar da ke ɗakin baya, marayan ɗan'uwa, duk sai an biya musu daban ko a yi musu jinya da kuɗi hannu. Inda kuma miji da mata duk malamai ne, ana iya cire wa kowannensu a kan 'ya'ya guda, sai a duba ko za su raba yaran tsakanin katunan biyu don a ƙara yawan waɗanda aka rufe.

Matsayinmu shi ne kada shugabanni su amince da kowane ƙarin kaso, kada kuma su ɓata ƙarfinsu wajen neman ragin rabin kashi, sai an amsa abubuwa uku a rubuce: daga wane albashi ake cirewa, ko gwamnati tana zuba nata kason kuma yaushe ta zuba na ƙarshe, da hanyar da za a mayar wa memba kuɗinsa idan ya sayi a waje maganin da ke cikin jerin hukuma.

Wannan magana ba ta tafiya sai da hujja. Duk wanda aka ce wa babu magani, ya ɗauki hoton takardar likita, ya karɓi rasit a kemis, ya rubuta kwanan wata da sunan asibitin. A miƙa waɗannan tare da kwafin takardar albashi ga wakilin makaranta kafin ƙarshen zangon karatu, sakataren walwala zai tattara su don zaman reshe na gaba.