Takardar da Malamin Lissafi Ya Bari

A kakar bara na kai ziyara wata makarantar firamare da ke tsakanin Bichi da Dambatta, a yankin nan da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ranar malamin lissafi ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma wajen tantance ma'aikata. Kafin ya tafi ya bar takarda a kan teburin hedimasta, rubuce da Turanci, cewa a koya wa 'yan aji biyar tara gutsattsarin lamba, a kuma ba su aikin da ke littafi. Wanda babu darasi a kansa a wannan sa'ar shi ne malamin addini, don haka shi aka miƙa wa alli.

Dattijo ne mai natsuwa, bai kuma yi ƙasa a gwiwa ba. Ya rubuta 1/2 + 1/4 a allo, ya tara na sama ya sami 2, ya tara na ƙasa ya sami 6, ya rubuta 2/6. Yaran da suka cika ajin har bakin ƙofa suka kwafe, suka maimaita da murya ɗaya. Amsar kuwa 3/4 ce.

Ban ga laifin dattijon ba. A ganina laifin na takardar ne, domin an rubuta ta kamar wanda ya san fannin ne zai karanta. Malamin da ya tafi ya bar wa kansa tuni ne kawai, alhali wanda zai tsaya masa jagora yake buƙata. Kuma kuskuren da aka shuka a minti arba'in yakan ɗauki makonni kafin a tumɓuke shi, saboda yaro ya ji shi daga bakin malami, ya kuma gan shi a littafinsa da rubutun hannunsa.

Tsarin darasin da ake koyarwa a kwalejojin horon malamai yana da sassan da kowa ya sani: manufa, abin da ɗalibai suka riga suka sani, gabatarwa, sai aunawa. Yana da amfani ga mai fannin, yana kuma gamsar da jan biron hedimasta da na sufeto. Sai dai a ƙarƙashin gabatarwa abin da akan rubuta shi ne "malami zai yi bayani". Wane bayani? Wannan jimla ita ce ramin da ɗan riƙo ke faɗawa.

Ƙa'ida ta farko da nake ganin ya kamata a kafa ita ce, kada a bar wa wanda bai san fanni ba sabon darasi. Bita za a bar masa, ta abin da yara suka riga suka taɓa. Da ni ne malamin lissafin nan, ga abin da zan rubuta, da Hausa, a fallen takarda guda.

Zan fara da manufa a jimla ɗaya: yara su gane da idonsu cewa rabi da rubu'i sun zama rubu'i uku. Sannan kayan aiki, waɗanda ba a saye a wannan yanki da kaka: karan dawa guda biyu masu tsawo ɗaya. A minti goma na farko, a karya ɗaya gida biyu daidai, a karya ɗayan gida huɗu. A ɗora guda biyu na gida huɗun kusa da rabi ɗaya, yara su ga tsawonsu ɗaya ne. Ke nan rabi shi ne 2/4. A ƙara guda ɗaya, a ƙirga tare: uku cikin huɗu.

Minti ashirin na gaba yara su zauna bibiyu su yi tambayoyi huɗu da za a rubuta a allo, kuma kowace da amsarta a takardar malam: 1/4 + 1/4 = 2/4, wato rabi; 1/2 + 1/4 = 3/4; 3/4 + 1/4 = 1; 1/2 + 1/2 = 1. A allo za a rubuta su, domin "buɗe shafi kaza" ba shi da ma'ana a ajin da littafin yake hannun malami kaɗai. Minti goman ƙarshe na dubawa ne.

Sashen da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda kusan ba a taɓa rubutawa: kuskuren da ake sa ran gani. Zan rubuta cewa wasu yara za su kawo 2/6, kuma ga yadda ake gane ba daidai ba ne. Biyu cikin shida sulusi ne, sulusi kuwa bai kai rabi ba. Wanda yake da rabin kwanon gero aka ƙara masa, ba zai tashi da ƙasa da rabi ba. Wannan layi ɗaya da ya ceci dattijon nan da ajinsa baki ɗaya.

Da muka tattauna bayan an tashi, sai ya yi dariya ya ce ai da an ce masa rabi da rubu'i ne, da bai ɓata ba, don ya karanci rabon gado, inda ake neman asalin mas'ala kafin a tara rabon magada. Asalin mas'ala shi ne lambar ƙasa ta bai-ɗaya da littafin lissafi ke nema. Ilmin na nan a kansa. Takardar ce ba ta ƙwanƙwasa ƙofar da yake ciki ba.

Abu biyu za su rufe takardar. Na ɗaya, sunayen yara uku da suka fi gane darasin, domin su taimaka wa 'yan'uwansu. Na biyu, izini a fili cewa idan aka yi tambayar da malam bai san amsarta ba, kada ya ƙirƙira. Ya rubuta ta a bayan takardar, tare da adadin yaran da suka ci tambaya ta biyu. Da wannan mai darasin zai san inda zai ɗora idan ya dawo.

Za a ce rashin lafiya da rasuwa ba sa sallama, yaushe malami zai zauna rubuta wannan? Gaskiya ne, shi ya sa ba ranar tafiya za a rubuta ba. A makon farko na zango kowane malami ya ajiye irin wannan takarda guda biyu ko uku a ofishin hedimasta, a sabunta su a tsakiyar zango. Ba baƙon abu ba ne a Kano: shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida har da Kano da Jigawa, ya samar da littattafan darasi na karatu da lissafi da ke bin malami mataki-mataki.

Za a kuma ce wannan rufa-rufa ce a kan ainihin ciwon, wato ƙarancin malamai. Nan ma akwai gaskiya. Takarda tana iya riƙe aji kwana ɗaya ko biyu. Ba ta iya riƙe shi wata uku na hutun haihuwa, balle makarantar da ba ta da malamin lissafi sam. Wannan aikin gwamnati ne, kuma tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, da ɗaukar malamai da tura su karkara za a auna ta. Amma ko an cika kowace makaranta da malamai, wani zai yi zazzaɓi, wata za ta haihu, wani za a kira shi sakatariya.

Saboda haka ina ganin SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su sanya wannan takarda cikin abubuwan da sufeto zai tambaya idan ya zo, kamar yadda yake tambayar rajista. Gwajinta kuma mai sauƙi ne: a miƙa ta ga malamin wani fannin ya karanta. Idan ya ɗago kai ya ce "to, sai in ce musu me?", ba a gama rubuta ta ba.