Sunan da ke kan kwali ba na mai fassara ba ne: raddi ga masu cewa a juya komai

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin masu fassara da masu tsara fastocin wayar da kai, cewa idan aka ba mutum hoto mai ɗauke da rubutu cikin harsuna biyu ko uku, aikinsa bai cika ba sai ya mayar da kowace kalma Hausa, har da sunan kayan da na kamfanin. A ganinsu, barin wani abu cikin Turanci ko Faransanci lalaci ne, ko kuma raina Hausa. Niyyarsu mai kyau ce, kishin harshe kuma ba abin zargi ba ne. Sai dai hujjojinsu ba sa jure gwaji, kuma ba inda raunin nasu ya fi fitowa kamar a hoton kwalin magani, domin a nan kuskuren mai fassara a jikin mutum yake sauka. Bari mu ɗauki kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da aka sani da Coartem, na kamfanin Novartis, mu auna maganarsu da shi. Kwalayen magani da ake kawowa Afirka ta Yamma sukan zo da Turanci da Faransanci tare, saboda kaya ɗaya ne ke shiga Kano da Maraɗi.

Hujjarsu ta farko ita ce amana. Sun ce duk abin da aka rubuta a hoto saƙo ne, wanda ya tsallake wani ɓangare kuwa ya tauye haƙƙin mai karatu. Amsa ita ce rubutun da ke kan kwali iri biyu ne, kuma abin da mai karatu zai yi da kowanne ya bambanta. Akwai rubutun da ake so ya fahimta: a sha ta baki, a ajiye inda yara ba za su kai ba, kada a bar shi cikin zafi, a sha bayan cin abinci mai ɗan maiƙo ko da madara. Wannan dole a fassara shi, cikin Hausar da uwa a ƙauye za ta gane. Akwai kuma rubutun da ake so ya gwada da idonsa, wato ya dubi hoton ya dubi kwalin da mai kemis ya miƙo masa, ya ga ko sun yi daidai. Sunan maganin, sunan kamfanin, lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, da alƙaluman 20/120 da ke nuna ƙarfinsa duk suna cikin wannan kaso. Amfanin irin wannan rubutu yana cikin siffarsa, don haka duk wanda ya sauya siffar ya kashe amfanin. Mai fassarar da ya goge sunan daga hoton ya ɗora wani na Hausa ya ƙirƙiro hoton kwalin da babu shi a kowane shago a duniya, ya kuma tura mutum nemansa. In har amana ake magana, wannan ne ya ci ta.

Alƙaluman nan sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin su ne masu gyaran hoto suka fi ɗauka ado. Ma'anar 20/120 ita ce kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 20 na artemether da 120 na lumefantrine. Babban mutum mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan ƙwaya huɗu a lokaci guda, sau shida cikin kwana uku, ƙwaya 24 ke nan, kuma sha na biyu yana zuwa ne awa takwas bayan na farko. Amma akwai wani nau'in mai 80/480, wanda ƙwaya ɗaya tak ake sha a kowane lokaci. A ce mai fassara ya juya umarnin farko da Hausa mai daɗi, "ƙwaya huɗu safe da yamma", sannan ya rufe 20/120 da rubutunsa don ya sami fili. Wanda ya sayo mai 80/480 ya bi fastar zai sha ninki huɗu na abin da ya kamata. Fassarar ba ta da kuskure ko ɗaya a nahawu. Abin da ya lalata ta shi ne an raba umarnin da alamar da ke nuna wane kwali yake nufi. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Hujjarsu ta biyu ta shafi yawan harsuna. Sun ce adalci shi ne a fassara na Turanci, a fassara na Faransanci, in akwai Larabci shi ma a fassara, kowanne a gurbinsa. Wannan rashin lura ne da yadda ake rubuta irin waɗannan kwalaye. Galibi magana ɗaya ce aka maimaita don kasuwanni daban-daban, inda Turanci ya ce EXP, Faransanci ma yana nufin ranar ƙarewar aiki ɗin nan dai. Idan aka juya kowanne, mai karatu zai ga gargaɗi ɗaya sau biyu da kalmomi mabambanta, ya zaci umarni biyu ne. Aikin da ya dace ya fi abin da suke nema wuya: a karanta duk harsunan, a jera su layi da layi, a tabbatar abu ɗaya suke faɗa, sannan a fassara sau ɗaya, a sanar da mai karatu a ƙasan hoton cewa ɗaya rubutun maimaici ne da Faransanci. A wajen jerawar nan ne ake kama tarko. Faransanci yana rubuta biyu da rabi da waƙafi, 2,5, inda Turanci ke sa ɗigo, 2.5, kuma wanda ya kwafe na farkon ga mai karatun Najeriya ba tare da lura ba yana iya sa a karanta shi ashirin da biyar, ko lambobi biyu. Inda kuma harsunan suka saɓa, misali wata takardar da mai shigo da kaya ya manna, ko rubutun biro da mai kemis ya yi a gefe, wannan saƙo ne dabam, a fassara shi dabam a faɗi daga ina ya fito. Kafin duk wannan ma sai an tabbatar wane harshe ake kallo, domin haruffa suna ruɗi. Rubutun da ke jikin takardar naira ɗari biyar da ta dubu ɗaya mutane da yawa na kiransa Larabci, alhali Hausa ce da ajami, tana faɗin darajar kuɗin kawai. Wanda ya kama "fassara" shi zuwa Hausa ya nuna bai karanta ba.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, bai kuma dace a wuce ta da gaggawa ba. Sun ce ai Hausawa sun riga sun mayar da sunayen kaya nasu: muna cewa magi, muna cewa omo, muna cewa fanadol, to me zai hana mai fassara ya rubuta yadda bakin mutane ke faɗa, musamman ga wanda bai iya haɗa baƙaƙen Turanci ba? Gaskiya ne waɗannan kalmomi sun zama Hausa, kuma a cikin labari ko hira haka ya kamata a rubuta su. Amma a duba abin da ya same su bayan sun shigo. Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, magi ya zama sunan kowane dunƙulen ɗanɗano, har sai an ƙara da "mai tauraro" kafin a san wanda ake nufi, fanadol kuma a bakin mutane da yawa ya haɗa duk wata farar ƙwayar ciwon kai. Wato kalmar da ta shiga Hausa ta faɗaɗa, sunan da ke kan kwali kuwa an sa shi ne don ya taƙaita, ya nuna abu ɗaya. Panadol farasitamol ne zalla, Panadol Extra kuwa an ƙara masa kafin, sinadarin nan da ke cikin kofi. Wanda ya rubuta "fanadol" a kan hotunan biyu ya haɗa abin da kamfanin ya raba. Ga kuma batun jabu. Dabarar masu kwaikwayon kaya tun da can ita ce sauya harafi ɗaya ko biyu a suna, don ido ya wuce bai lura ba. Fastar da ke koya wa jama'a cewa ana iya rubuta sunan magani ta hanyoyi da yawa tana rage musu kaifin idon da zai kare su. Shi kuwa wanda bai iya karatun boko ba, shi ne ya fi kowa dogara da siffa: launin kwali, tambari, tsawon sunan da yadda haruffan suka tsaya. Taimakon da yake buƙata shi ne a bar masa hoton yadda yake, a rubuta masa lafazin a gefe, da boko ko da ajami, a wajen hoton, yadda zai iya furtawa a shago kuma ya iya gwadawa da ido.

Sukan ce kuma ai kamfanoni da kansu suna juya sunayensu, ga Coca-Cola da haruffan Larabci a ƙasashen Larabawa, da sunanta na Sinanci a ƙasar Sin. Haka ne, amma mai sunan ne ya zaɓa, ya yi rajista, ya buga a jikin kwalbar da mai saye zai riƙe. Ranar da wani kamfani ya buga sunan kayansa da Hausa a kan kwali, mai fassara zai bar wannan ma yadda ya same shi, saboda dalili ɗaya.

Inda masu wannan ra'ayi suke da abin faɗa na gaske shi ne a kan iyaka, wajen kalmomin da ke manne da suna amma suna ɗauke da ma'ana. Akwai Coartem Dispersible, wanda aka fitar a 2009 domin ƙananan yara. Kalma ta biyun ɓangaren suna ce, don haka ba za a taɓa ta a cikin hoton ba. Amma tana faɗin wani abu da uwa take buƙatar sani, cewa ƙwayar ana narkar da ita ne a ɗan ruwa a ba yaro ya sha. Mai fassarar da ya ce "suna ne" ya wuce ya gaza, kamar yadda wanda ya goge ta ya gaza. Haka sunan sinadarin: artemether da lumefantrine sunaye ne na bai-ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsarawa, kuma su ne ke nuna wa mai saye cewa Lonart da Amatem da Coartem haɗin magani ɗaya ne, kada ya sha biyu tare yana zaton ya ƙara wa kansa kariya. A bar su da haruffansu, a bayyana wannan a ƙasa. Ranar ƙarewar aiki ma haka: idan kwalin ya nuna EXP 03/2027, a bar shi a gani, a ja kibiya zuwa gefe a rubuta cewa maganin yana aiki zuwa ƙarshen watan Maris na 2027, sannan a gargaɗi mai karatu cewa wannan ranar ta kwalin da ke hoton ce, ya duba ta jikin nasa kwalin a daidai wannan gurbin.