Beli, Tsarewa Da Hukunci: Abin Da Shari'ar Dariye Ta Fayyace

Duk lokacin da alƙali ya aika wani babban mutum gidan gyaran hali, sai a ji ana cewa an ɗaure shi. Bayan mako biyu ya fito, sai zance ya koma cewa kuɗi sun yi aiki. Sau da yawa maganganun biyu duk kuskure ne, kuma shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, ta isa misali.

A shekarar 2007 hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan zargin karkatar da kuɗin gyaran muhalli fiye da naira biliyan ɗaya, kotu ta sa aka tsare shi a Kuje. Wannan ajiya ce kawai. Ba a saurari shaida ko ɗaya ba, kuma sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin.

Daga baya ya samu beli. Beli ba wankewa ba ne. Alkawari ne cewa mutum zai riƙa halartar kotu, tare da masu tsaya masa da za su yi asarar kuɗin da suka sa wa hannu idan ya gudu. Abin da alƙali ke aunawa shi ne nauyin tuhumar, da yiwuwar tserewa ko tsoratar da shaidu. Shi ya sa Dariye ya tsaya takara ya zama sanata alhali tuhumar na kansa, doka ba ta hana shi ba.

Hukunci bai zo ba sai a watan Yunin 2018, shekara goma sha ɗaya bayan gurfanarwa, lokacin da aka yanke masa shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2021, sannan ya samu afuwar shugaban ƙasa a 2022.

Sai dai ga talaka labarin yakan sha bamban. Ƙaramin ɗan kasuwa da aka ba beli amma ya rasa mai tsaya masa da takardar fili, zai ci gaba da zama a tsare, wani lokaci har ya zarce wa'adin da za a yanke masa da an same shi da laifi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana tsaurara sharuɗɗan beli fiye da kima, ta kuma ce a lissafa zaman jiran shari'a cikin hukuncin ɗauri. Wanda aka wanke a ƙarshe kuwa, babu hukuncin da za a cire masa waɗannan watanni daga ciki.