Hutun lafiyar ƙwaƙwalwa: Me ya kamata ma'aikaci ya faɗa wa shugabansa?

Tun a watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawan mulkin mallaka. Sai dai har yanzu ma'aikacin da ciwon damuwa ya kwantar yana tsaka mai wuya. Idan ya ɓoye dalili a ce ƙiwa ce, idan ya fayyace komai labari ya zaga ofis a fara cewa ya taɓu.

Mafita tana cikin Dokar Ƙwadago. Sashe na 16 ya bai wa ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa idan ya yi rashin lafiya, muddin likita mai rajista ya tabbatar. Sashen bai ce sai an ambaci sunan ciwon ba. Wato takardar likita ita ce dalilin, ba tarihin mai ita ba.

A ɗauki misalin wata akawu a wani kamfani a Kano, wadda ta yi makonni ba ta barci, har ta fara kuskuren lissafi. Likita ya ba ta kwana biyar. Abin da za ta rubuta bai wuce haka ba: "Ina neman hutun rashin lafiya daga Litinin zuwa Juma'a bisa shawarar likita. Ga takardarsa. Na miƙa ayyukan da ke hannuna ga abokiyar aikina, zan dawo Litinin mai zuwa in Allah ya yarda." Babu batun magani, babu rikicin gida.

Idan manaja ya matsa, tana iya cewa: "Ranka ya daɗe, likita yana duba ni, kuma ya ce in huta."

Inda asiri ya fi tonuwa shi ne takardar kanta. Hatimin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ya isa ya faɗi abin da aka ɓoye. Wanda babban asibiti ke dubawa ba shi da wannan matsala. Ko ma ina ne, a roƙi likita ya rubuta kwanakin hutu kawai, sannan a kai takardar sashen kula da ma'aikata maimakon teburin manaja. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman.

Amma shirun yana da iyaka. Sashe na 16 bai shafi manajoji da ƙwararru ba, su yarjejeniyar aikinsu ce abin dubawa, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin. Sannan direban da maganinsa ke sa barci dole ya sanar cewa ba zai iya tuƙi ba, ko da bai faɗi sunan ciwon ba.

Kuskure mafi tsada shi ne ƙaryar zazzaɓi ko rasuwa a ƙauye. Ciwon damuwa kan dawo, kuma ranar da ƙaryar ta fito, rashin gaskiyar ne zai zama hujjar sallama.