Minti biyu kafin a buga ƙararrawar gobara

Hunturu ya kama, kuma duk makarantar da ta san ciwon kanta ta fara shirin atisayen tsira daga gobara. Abin da nake so mu duba a wannan makon shi ne ɗan jawabin da shugaban makaranta yake yi wa ɗalibai a taron safe kafin atisayen. A ganina bai kamata ya wuce minti biyu ba. Idan ya yi tsawo, yaran da ke tsaye cikin sanyi suna kakkarwa ba za su riƙe komai ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsoratarwa. Sai shugaba ya hau ba yara labarin gawarwaki, manya su mai da abin wasa, ƙanana kuwa su firgita. Labaran nan na malamai ne, su ya kamata su riƙe su a zuci. A watan Maris na 2001 ɗalibai 67 suka rasu a makarantar sakandare ta Kyanguli da ke Machakos a Kenya, a ɗakin kwanan da aka kulle ƙofarsa ɗaya, tagoginsa kuma duk da ƙarafuna. A Afrilun 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka tafi, a Nuwambar shekarar kuma aka sake ganin irin haka a Maraɗi. Wanda ya san waɗannan ba zai tsaya dogon wa'azi ba, zai gaya wa yaro inda zai sa ƙafarsa.

Da ni ne a gaban layin, ga abin da zan ce:

"Yarana, yau za mu gwada yadda za mu fita idan wuta ta tashi, Allah ya kiyaye. Babu wuta yau, kowa ya kwantar da hankalinsa. Za ku ji an buga ƙarfe ba tsayawa, ba irin bugun fita tara ba. Da kun ji, ku miƙe, ku bar jaka da littafi a inda suke. Layin da ke kusa da ƙofa shi zai fara fita. Ku yi sauri, amma ban da gudu, ban da ture juna. Kowane aji ya nufi filin ƙwallo ya tsaya wuri ɗaya har malaminsa ya kira suna. Wanda ya fito ba ya komawa ciki, ko me ya manta. Kun san dalilin da ya sa muke gwadawa? Ranar da wuta ta tashi da gaske, hayaƙi zai rufe muku ido, tsoro ya hana ku tunani. Ƙafar mutum kuwa hanyar da ta saba take bi. Yau muna koya wa ƙafafunmu hanya ne. Idan kun ga hayaƙi, ku sunkuya ƙasa ku rarrafa, domin sama yake tashi, iskar shaƙa tana ƙasa."

Iyakarsa ke nan. Maganar hana gudu ce na fi so a nanata, domin ita ce yaro ya fi jin kamar ba ta da ma'ana. A ɗauki aji mai yara 60 da ƙofa ɗaya. Idan suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa daƙiƙa guda, cikin minti ɗaya ajin ya zama fayau. Idan kuwa goma suka afka wa ƙofar tare, kafaɗu za su cije a bakinta, ɗaya ya faɗi, na baya su tattake shi, hanyar ta toshe. Haka ma maganar kiran suna: yaron da ya fita ya arce gida, malaminsa zai zaci yana ciki, ya koma cikin hayaƙi nemansa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a faɗa wa yara. Atisayen jarrabawa ce ga malamai. Wani malami ya riƙe agogo tun daga bugun ƙarfe har a gama kiran suna, a rubuta lokacin, a kwatanta da na zangon karatu mai zuwa. A nan ne za a gano ajin da ke can ƙurya bai ji ƙarfen ba, ko rajista tana kulle a ofis, ko ƙofar baya tana da kwaɗo, makullin kuma yana aljihun maigadin da ya tafi kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina roƙon shugabannin makarantun kwana da malaman tsangayu kada su tsaya a atisayen rana kaɗai. Yara 17 da wuta ta kashe a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025 cikin dare abin ya same su. A sanar da yara tun da yamma, a kashe fitilu bayan sallar isha, a buga ƙarfe, a ga ko yaron da ke kan gadon sama zai iya laluben ƙofa cikin duhu.