Wasiƙa Zuwa ga Masu Tsara Waƙar Madahu Domin Jama'a

Zuwa ga 'yan'uwana sha'irai na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci, da sauran ƙauyukan arewacin Kano.

Dalilin wannan takarda shi ne wani abu da na daɗe ina lura da shi a majalisan Maulidi da walimar saukar Alƙur'ani, inda malami zai zo da ƙasida 'yar ƙwar biyu mai kyawun ma'ana, wadda in shi kaɗai ya rera ta sai ka ji hawaye ya zo maka, amma da zarar almajirai talatin da dattawan unguwa sun karɓe ta, sai muryoyi su rarrabu tun kafin baiti na biyar, wasu na gaba wasu na baya, kamar shanun huɗar da ba su saba da juna ba. Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni a wani ƙauye, na koma gida ina zargin jama'a, alhali laifin yana cikin takardata. Mai rerawa shi kaɗai yana iya ja nan ya taƙaita can ya rufa asirin karin da ya karye, amma jama'a ba su da wannan dabara, domin ba su da abin dogaro sai awon da aka ba su a baitin farko.

Saboda haka nake ganin zaɓen bahari shi ne farkon aiki, tun kafin a rubuta Bismilla. Basiɗ, wanda Imam Busiri ya ɗora Burda a kansa, da Kamil, duk suna da kwarjini, sai dai ƙafafunsu suna karɓar zihafi da yawa, kuma wanda bai yi zaman soron karatu ba yakan yi tuntuɓe a cikinsu. Mutaƙarab kuwa ƙafa ɗaya ce tak ake maimaitawa sau huɗu a ɗango, wato fa'ulun, gaɓa sassauƙa ɗaya da masu nauyi biyu, tafiyarsa kamar ta mai shuka, a sara a jefa a take. Ga baiti da na tsara domin misali kawai:

Manoma, ku taso mu je gun Ma'aiki,
Da bege a baki, da niyya ta tsarki.

In kun yanka ɗangon farko za ku sami ma-no-ma, ku-ta-so, mu-je-gun, Ma-'ai-ki, gaɓa goma sha biyu, kowace ƙafa tana farawa da gajeren wasali, sa'an nan dogon wasali ko gaɓa mai rufe da baƙi su biyo baya. To, a ce mawaƙi ya sa "ku tashi" a gurbin "ku taso". A ido babu bambanci, gaɓa uku ce nan uku ce can, kuma masana aruli sun halatta wannan rangwame, amma "shi" gajeriya ce, ta kuwa haɗu da "mu" wadda ita ma gajeriya ce, sai rabin majalisa su ja ta don cike gurbi, rabi su wuce da sauri, a rabu da juna da ƙiftawar ido guda wadda ba za a sake haɗuwa ba sai a amshi. In kuwa ya ce "mu tafi gun Ma'aiki", ya jera sassauƙan gaɓoɓi uku, ɗango ya zama gaɓa goma sha uku, wannan karaya ce wadda babu fatawar da za ta ɗora ta.

A nan ne rubutun boko yake yaudarar matasanmu, domin ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi duk rubutunsu ɗaya ne, alhali na farko gajere ne a gaɓar fari, na biyu dogo. Magabata da suka yi waƙa da ajami suna da alif da wawu da ya'u suna tuna musu. Wanda bai iya ajami ba, to, ya auna da kunne, yana buga yatsa a cinya, kada ya ƙirga da ido.

Game da ƙafiya, hanya biyu ce. Ko dai a riƙe amsa-amo guda a ƙarshen kowane baiti tun daga farko har ƙarshe, yadda Burda ta riƙe mimun, ko kuwa kowane baiti ɗangonsa biyu su amsa wa juna a wuce, kamar manzumomin ilmi irin Alfiyyar Ibn Malik. Ta farko ta fi taimakon jama'a, gama kowa ya san inda za a sauka, amma da sharaɗin mawaƙi ya ƙirga dukiyarsa tukuna. Wanda ya ɗauki "ki" kamar baitin da ke sama zai sami aiki, Sarki, tsarki, mamaki, ɗaki, doki, taki, daga nan rijiya ta fara ƙafewa, sai ka ga ya jawo "yaƙi" ya cusa, alhali "ƙi" daban "ki" daban, kunnen Bakano kuwa ba ya yafe wannan. Baiti ɗari yana bukatar harafi mai yalwa irin "wa" ko "na" ko "ya". In babu hali, a bi hanya ta biyu, ba abin kunya ba ne.

Sai kuma numfashi. Ɗango ɗaya numfashi ɗaya ne, don haka ma'ana ta cika a ƙarshen baiti, kada a bar aikatau a wannan baiti a kai karɓau cikin na gaba, abin da masu nazari ke kira saɓi-zarce. Tsoho mai shekara saba'in zai tsaya ya shaƙi iska inda ƙafiya ta faɗi, ko jimla ta ƙare ko ba ta ƙare ba.

Tsawo kuma a yi masa lissafi. A awona, baitin Mutaƙarab a bakin taro yana cin kamar daƙiƙa goma, ke nan baiti 120 minti ashirin ne, in kuwa ana amshi bayan kowane baiti ya zama arba'in, wanda ya yi yawa ga mutanen da suka wuni suna girbin dawa. Ku duba hikimar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230: ya kasa Ishiriniya bisa haruffan Larabci, kowane harafi baiti ashirin, shi ya sa har yau ake karanta ta harafi-harafi, a tsaya a sha ruwa a ci gaba, ba wanda ya ɓata. Ku ma ku kasa taku fasali-fasali, baiti goma ko goma sha biyu kowanne: mabuɗi na hamdala da salati, sa'an nan haihuwa, siffofi, mu'ujizoji, hijira, ceto, marufi kuma na addu'a da adadin baitoci, da ramzin shekara ga mai iyawa. Amshi ya zama shi ne baiti mafi tsabtar kari a duk waƙar, mai kalmomin da yaro ɗan shekara bakwai ya sani, domin shi ne turken da waɗanda suka ɓace za su komo su kama.

Roƙona gare ku, kafin ku kai ƙasida majalisa, ku tara yara biyar na makarantar allo bayan la'asar, ku biya musu fasali ɗaya sau biyu, sa'an nan ku yi shiru ku saurara. Duk inda biyu daga cikinsu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ku sa alama da tawada, ku koma ku gyara ɗangon, kada ku tsawata wa yaran.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗalibin waƙa daga ƙasar Ɗambatta